Ajiye Aikin Jinya Don Ƙaro Karatu: Tambayoyi da Amsoshi Kan Wasiƙar Imel

Duk lokacin da sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu suka fito, sai ƙannenmu a aikin jinya su fara zuwa da magana ɗaya: "Anti, na samu admishan, yaya zan rubuta musu cewa zan bar aiki?" Wasu jami'a za su tafi neman digirin jinya, wasu kwas ɗin ƙwarewa, kamar jinyar ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko jinyar ƙashi a asibitin Dala da ke Kano, wasu kuma digiri na biyu. Na tattara tambayoyin da suka fi maimaituwa na amsa su a nan. Ina cewa "ke" ne saboda mata suka fi yawa a cikin masu tambayata, amma 'yan'uwanmu maza ma abin ya shafe su daidai wa daida. Maganar a kan asibitocin Najeriya take.

Na samu gurbin karatu. Dole ne sai na ajiye aiki?

A'a, kuma ina roƙon ki tsaya a kan wannan tambayar kafin ki taɓa waya. Idan a asibitin gwamnati kike, akwai hutun ƙaro karatu, kuma iri biyu ne: mai albashi da marar albashi. A duka biyun kujerarki tana nan, kina gama karatu ki dawo ki ci gaba daga inda kika tsaya. Wadda ta ajiye aiki kuwa ta yanke igiya. Idan ta so dawowa, sabuwar mai neman aiki ce, sai ta jira a buɗe ɗaukar ma'aikata kamar kowa.

Sharaɗin da ke tare yawancin matasa shi ne tabbatarwa a aiki. A aikin gwamnati sabon ma'aikaci yakan yi shekara biyu na gwaji kafin a ba shi takardar tabbatarwa, kuma ba a cika ba wanda bai samu wannan takardar ba hutun karatu. Bayan haka akwai layi. Wod ɗin da nas shida ke riƙe da shi ba zai saki biyu a shekara ɗaya ba, don haka ana bin wanda ya riga shiga aiki. Sannan ana duba ko karatun yana da amfani ga asibitin. Wadda za ta karanto aikin tiyata ta fi samun sauƙin amincewa a kan wadda za ta sauya layi gaba ɗaya.

Saboda haka ki fara neman hutun a rubuce, ko da kina ganin ba za a ba ki ba. Idan mai albashi bai samu ba, ki nemi marar albashi. Sai an rufe duka ƙofofin biyu, ko kuma kin tabbata a ranki ba ki da niyyar dawowa, sannan maganar murabus ta taso. A asibitin kuɗi lamarin ya fi gajarta, don ba kasafai suke da tsarin hutun karatu ba, amma ko a can na ga an daidaita da nas tana zuwa aiki Asabar da Lahadi.

Abin da ba na so ki yi shi ne na ukun, wanda wasu ke ɗauka dabara ce: ki tafi makaranta a ɓoye, ki bar wata tana riƙe miki duti, albashi yana shiga. Rashin zuwa aiki ba izini babban laifi ne a dokokin aikin gwamnati, hukuncinsa yana kaiwa kora. Kora kuma tabo ce da ke bin fayil ɗin mutum duk inda ya je.

To yaushe ya kamata in tura wasiƙar?

Bayan takardar admishan ta shigo hannunki, kin biya kuɗin karɓar gurbi, kin kuma ga ranar fara rajista a rubuce daga makarantar. Ganin suna a jerin da aka turo a wasaf bai isa ba. Idan ta hanyar shiga aji biyu kai tsaye kika nemi jami'a, ki tabbata kin karɓi gurbin a shafin JAMB kin kuma buga takardar.

Ko bayan haka ki sa ido a kan kalandar makarantar. A 2022 malaman jami'o'i sun yi yajin aiki daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata takwas cur. Wadda ta ajiye aiki a Janairun waccan shekarar da niyyar shiga aji, ta zauna a gida babu karatu babu albashi. Ba wanda zai iya hango komai, amma kada ki bar aiki wata huɗu kafin a buɗe makaranta saboda ɗoki. Ki ƙirga baya daga ranar rajista, ki cire wa'adin notis, ki ƙara 'yan kwanakin haɗa kaya da neman masauki. Ranar da lissafin ya faɗa a kai, ita ce ranar turawa.

Notis na kwana nawa zan bayar?

Amsar tana cikin takardar ɗaukarki aiki, waccan da kika adana a jaka tun ranar farko ba ki sake buɗewa ba. Ki nemo ta. Akwai sakin layi da ke faɗin wa'adin da kowane ɓangare zai bayar kafin a rabu. Ga nas, wata ɗaya aka fi gani, ko kuma biyan albashin wata ɗaya a madadinsa. Wasu wuraren suna neman wata uku daga manyan ma'aikata.

Za ki ji wasu suna kawo Dokar Ƙwadago, sashe na 11. Abin da ta ce shi ne: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku a aiki ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya ga mai shekara biyar ko fiye. Kada ki jingina da wannan. Na farko, mafi ƙarancin wa'adi ne dokar ta faɗa, yarjejeniya tana iya ɗarawa. Na biyu, dokar ta fitar da masu aikin ƙwarewa daga ma'anar ma'aikacin da take magana a kansa, don haka abin da kika sa wa hannu shi ne zai yi aiki a kanki.

Bari mu yi lissafi da misali. A ce wata nas ce a wod ɗin mata na wani asibitin kuɗi, albashinta naira 180,000, yarjejeniyarta ta ce wata ɗaya. Makaranta ta ce rajista 3 ga Nuwamba. Idan ta tura wasiƙa 29 ga Satumba, watan zai cika 29 ga Oktoba. Ni zan ba ta shawara ta rubuta 31 ga Oktoba a matsayin ranarta ta ƙarshe. Ƙarin kwana biyun zai sa albashin Oktoba ya fito cikakke ba tare da an yi ta ƙididdigar kwanaki ba, rostar watan ma ta ƙare da ita lafiya, mai tsara ta Nuwamba kuma ta san tun da wuri ba za ta sa sunanta ba.

Yanzu a ce admishan ɗin ya makara, bai zo ba sai 10 ga Oktoba. Idan ta tura a ranar, watan zai kai 10 ga Nuwamba, ita kuma tana son tafiya 31 ga Oktoba. Ta gaza da kwana 10. Zaɓi uku gare ta. Ta roƙi a yafe mata kwanakin, a rubuce. Ko ta nemi a cire su daga hutun shekararta idan ba ta ci shi ba, wannan kuma alfarma ce, ana iya ƙi. Ko ta biya. Idan asibitin ya yarda a lissafa da kwana, 180,000 a raba 30 ya ba da 6,000 a rana, kwana 10 ya kama 60,000. Amma wasu wuraren ba sa rabawa, notis ɗin da bai cika ba a wurinsu daidai yake da babu, sai su nemi albashin wata guda cif. Shi ya sa ake tambayar ofishin ma'aikata kafin a rubuta rana a wasiƙa.

Imel kaɗai ya wadatar, ko sai na kai takarda?

A asibitin kuɗi mai ofishin ma'aikata da ke aiki da kwamfuta, sau da yawa imel ya isa. A asibitin gwamnati kuwa, ki yi duka biyun. Can har yanzu fayil ne ke tafiya daga tebur zuwa tebur, abin da bai shiga fayil ba kamar bai faru ba ne. Ki buga wasiƙar kwafi biyu, ki sa hannu, ki kai ofishin karɓar takardu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata a dawo miki da ita. Sai ki ɗauki hoton mai sa hannun, ki mayar da ita PDF, ki liƙa a imel ɗin ki tura a wannan ranar.

Amfanin imel shi ne yana riƙe rana da sa'a, ba ya ɓacewa a durowa. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 84, ta yarda a gabatar da abin da ya fito daga kwamfuta a kotu idan an cika sharuɗɗanta. Ki tura daga adireshinki na kanki, ko kuma ki sa shi a `Cc` idan da na asibiti kika tura, domin ranar da kika tafi za a iya rufe na asibitin, shaidarki ta tafi da shi. Saƙon wasaf ga metiron kuwa sanarwa ce ta girmamawa, ba wasiƙar ajiye aiki ba ce.

Wa zan rubuta wa?

Wanda ya ɗauke ki aiki, ta hannun waɗanda ke samanki. A asibitin koyarwa, babban daraktan asibiti, ta hannun shugabar sashen jinya, ta hannun mai kula da wod ɗinku. A babban asibitin jiha, hukumar kula da asibitoci ce uwar gijiyarki, sai wasiƙar ta bi ta hannun shugaban asibitin da shugabar ma'aikatan jinya. A asibitin kuɗi, darakta ko ofishin ma'aikata.

Kafin ki danna turawa, ki je ki samu sistar da ke kula da wod ɗinku ki faɗa mata baki da baki. Ba doka ba ce, tarbiyya ce. Matar da ta koya miki sa layin ruwa a jijiyar jariri bai kamata ta ji tafiyarki daga bakin masinja ba.

Me zan rubuta a ciki?

Abu biyar: cewa kina ajiye aiki, ranarki ta ƙarshe, dalili a jimla ɗaya, shirinki na miƙa aiki, da godiya. Da Turanci ake rubuta wa asibitocinmu, don haka a wurin taken saƙo ki sa `Notice of Resignation` sannan cikakken sunanki da lambar fayil ɗinki. Ga yadda nas ɗin misalinmu za ta tsara nata, na kawo shi da Hausa don a ga ƙashin bayansa:

> Ranka ya daɗe,
>
> Ni ce Wance 'yar Wane, ma'aikaciyar jinya a wod ɗin mata, mai lambar fayil kaza. Ina sanar da kai cewa na ajiye aikina a wannan asibiti. Wannan wasiƙa ita ce notis na wata ɗaya kamar yadda takardar ɗaukata aiki ta tanada. Ranar aikina ta ƙarshe ita ce 31 ga Oktoba.
>
> Dalili shi ne na samu gurbin karatun digiri a fannin jinya, kuma karatun na cikakken lokaci ne, ba zai haɗu da duti ba.
>
> Zan ci gaba da yin dutina kamar yadda yake a rosta har zuwa wannan rana. Zan rubuta takardar miƙa aiki, in kuma damƙa kayan da ke hannuna ga wadda shugabar wod ta zaɓa.
>
> Ina roƙon a ba ni amsar karɓar wannan wasiƙa a rubuce, a sanar da ni matakan sallama, a kuma ba ni takardar shaidar aiki idan na kammala.
>
> Na gode da damar da aka ba ni da abin da na koya a shekaru uku da na yi a nan, musamman a wurin manyan sistocin wod ɗinmu. Bayan tafiyata za a same ni a wannan adireshin imel da lambar wayar da ke ƙasa.
>
> Taka mai biyayya,
> Wance 'yar Wane

Ki lura da abubuwa biyu. Ta ce "na ajiye", ba ta ce "ina neman izinin ajiyewa" ko "ina tunanin ajiyewa" ba. Mu Hausawa kunya da kawaici sukan sa mu zagaye magana, kuma a baki hakan ado ne. A wannan takardar kuwa zagaye yana jawo rikici, don za a iya ɗaukar ta roƙo ne da ke jiran amsa, wa'adin notis bai fara tafiya ba. Ladabin ki sa shi a gaisuwa da godiya, ki bar jimlar ajiye aikin a miƙe.

Na biyu, ta rubuta rana da lamba. "Ƙarshen wata mai zuwa" ba rana ba ce. Ofishin albashi da mai tsara rosta da ke kanki kowa zai fassara ta yadda ta yi masa.

Ba dole ba ne ki faɗi sunan makarantar, ba dole ba ne ki liƙa takardar admishan. Wannan na mai neman hutun karatu ne. Idan kina da kyakkyawar alaƙa da su, faɗa ba laifi.

Gaskiya ba karatu kaɗai ya kore ni ba. Ga dutin dare ba hutu, ga alawus da aka riƙe. In rubuta?

Na san zafin. Na yi daren da ni kaɗai ce a kan gadaje fiye da ashirin, wutar lantarki ta ɗauke, ina duba digon ruwa da fitilar waya. Ba zan ce miki ƙorafinki ba gaskiya ba ne. Amma wannan wasiƙar fayil za ta shiga ta zauna, bayan shekara goma wanda bai taɓa ganin fuskarki ba zai buɗe ya karanta, da ita zai auna ki. Ba za ta gyara rosta ba, ba za ta kawo janareta ba.

Ki raba su. Kuɗin da kike bi, ki rubuta masa takarda daban, da watanni da adadi, ki kai kafin ki tafi. Matsalar da ta shafi lafiyar majinyata ko cin zarafi, ki kai ta ga shugabar sashen jinya ko reshen ƙungiyar nas-nas da ungozomomi na asibitinku, ita ma a takardarta daban. Haka ya fi sa a saurare ki. Sannan sunan majinyaci ko bayanin ciwonsa kada ya kuskura ya shiga imel ɗin, ko da a matsayin labarin da ya taɓa miki zuciya ne. Amanar sirrin marar lafiya ba ta ƙarewa da ƙarewar aiki.

Gwamnati ce ta ɗauki nauyin karatuna na farko, na sa hannu a bon. Zan iya tafiya?

Nan ne wurin da aka fi faɗawa rami. Bon alkawari ne cewa za ki yi wa wanda ya biya miki karatu aiki na wasu shekaru, in kin saɓa ki biya kuɗi. Wasiƙar ajiye aiki ba ta goge shi. Ki nemo kwafinsa ki duba abu uku: shekarun da aka ɗaure ki, ranar da aka fara ƙirgawa, da abin da za a biya idan an karya. Wani bon kuɗin makaranta kawai yake nema, wani har da albashi ko alawus ɗin da aka ba ki lokacin karatun.

Ki kuma duba waɗanda suka tsaya miki. Galibi kawu ne ko wani babban ma'aikaci a unguwa ya sa hannu saboda mutuncin mahaifinki. Idan kika ɓace, ƙofarsa za a buga. Idan watanni kaɗan suka rage, ki nemi makaranta ta ɗaga miki gurbin zuwa baɗi. Idan da saura sosai, ki rubuta wa hukumar ki nemi a dakatar da ƙirgen har ki dawo, ko a ba ki lissafin abin da za ki biya. Duk yadda aka daidaita, a ba ki a rubuce kafin ki tura imel ɗin murabus.

Idan suka ƙi karɓa fa? Idan kuma ni ce na sauya shawara?

Matsayin da kotunan Najeriya suka daɗe a kai shi ne, ma'aikaci yana da 'yancin ajiye aiki, kuma notis yana fara aiki ne daga ranar da ya isa hannun mai aikin, ba sai ya ce ya amince ba. Wannan ne ya sa nake nanata hatimin karɓa da adana saƙon da ke cikin `Sent`. Amma 'yancin tafiya bai yafe bashi ba, bai yafe bon ba, kuma idan akwai takardar tuhuma da ba ki amsa ba, ki amsa ta tukuna, kada a ce gudu kika yi. Idan mako guda ya wuce ba amsa, ki sake tura gajeren tuni a kan wancan saƙon na farko, ki kuma leƙa ofis da ƙafarki.

Janyewa kuma ba a hannunki kaɗai take ba. Tunda wasiƙar ta isa, sai sun yarda kafin a mayar da ita kamar ba a yi ba. Idan sun riga sun ɗauki wata, shi ke nan.

Me ake so in yi a makonnin ƙarshe?

Ki yi aiki kamar ba mai tafiya ba. Majinyacin da ke gado na bakwai bai san kin samu admishan ba, allurarsa ta ƙarfe biyun dare tana nan a ƙarfe biyu. Na ga nas masu kyawun aiki sun zubar da sunan shekara biyar a mako biyun ƙarshe, yau ciwon kai gobe biki, abokan aiki suna ta toshe musu duti. Da wannan ake tuna su.

Miƙa aiki irin na barin asibiti ya wuce rahoton da muke ba juna a bakin gado kowane canjin duti. Ki zauna ki rubuta duk abin da ke wuyanki. Idan kina riƙe da makullin kabad ɗin magungunan da ake kullewa, irin su fetidin da mofin, ku ƙirga kowace kwalba ke da mai karɓa a gaban shaida, ku gwada da abin da ke littafin rajista, ku sa hannu ku uku da kwanan wata. Kada ki yarda da "bar shi kawai, mun yarda da ke". Idan bayan wata biyu aka ga kwalba ɗaya ta yi ƙafa, sunan wanda ba ya nan ake fara kira, kuma sa hannun nan ne kaɗai zai tsaya miki.

Haka kayan wod da aka rubuta da sunanki: na'urar awon jini, ta awon suga, silindar iskar numfashi, zannuwan gado. Sai ayyukan da ba a rubuta ko'ina ba amma ke kike yi, kamar haɗa alƙaluman wata-wata da ake kai wa ofishin kididdiga, ko bibiyar ɗalibai masu koyon aiki. Waɗannan su ne ke faɗuwa ƙasa idan mutum ya tafi, don kowa yana zaton wani ke yi. Ki koya wa wadda za ta gaje ki, ku yi na watan ƙarshe tare.

Sannan takardar sallama, wadda ake zagayawa da ita ofis-ofis a sa hannu cewa ba a bin ki komai: kantin magani, sito, akanta, ƙungiyar adashen ma'aikata, kwatas idan kina ciki, da katin shaida. Ki fara ta mako biyu kafin ranarki ta ƙarshe. Mai sa hannu ɗaya ya tafi hutu, sai ki ga kina zirga-zirga daga makaranta.

Albashi da fansho fa?

Ki bibiyi a tsayar da albashinki. Abin kamar wasa, amma a asibitocin gwamnati yakan ɗauki lokaci kafin labari ya kai ga masu biya, sai kuɗi ya ci gaba da shigowa bayan kin tafi. Ba naki ba ne. Kada ki taɓa shi, ki sanar a rubuce, ki nemi hanyar mayarwa, ki adana rasit. Kuɗin gwamnati ne, ko an daɗe za a neme shi.

Idan kina cikin tsarin fansho na karo-karo a ƙarƙashin dokar 2014, inda ake cire kashi 8 cikin ɗari daga albashinki mai aikin ya ƙara kashi 10, asusun naki ne, ba na asibiti ba. Yana nan da lambarsa, duk inda kika sake samun aiki a ci gaba da zubawa. Dokar ta ba wanda bai kai shekara 50 ba damar neman cire abin da bai wuce kashi 25 cikin ɗari ba idan ya yi wata huɗu bai samu wani aiki ba. Kafin ki tafi ki karɓi bayanin asusun ki duba ko an zuba na kowane wata, don gibin ya fi sauƙin gyarawa kina ciki. Ma'aikatan jihohi kuwa ku tambayi hukumar fanshon jiharku, domin jihohi irin su Kano da Jigawa suna da nasu tsarin daban. Inshorar lafiya da kike samu ta wurin aiki ita ma za ta tsaya, abin lura ne ga mai ciki ko mai ƙananan yara.

Lasisina zai mutu idan na bar aiki?

A'a. Lasisin tsakaninki ne da Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, ba ruwan asibiti. Amma sabunta shi yanzu ya dawo kanki ke kaɗai, babu metiron da za ta tuna miki. Ki duba ranar ƙarewarsa, ki yi kwas ɗin sabunta ilimi da ake buƙata a kan kari. Makarantun ƙwarewa suna neman lasisi mai rai tun a wurin rajista.

Wace takarda ce bai kamata in tafi ba tare da ita ba?

Uku ne: amsar karɓar murabus, takardar sallama da aka gama sa wa hannu, da takardar shaidar aiki mai ɗauke da ranar da kika fara, ranar da kika bari, muƙaminki da sassan da kika yi aiki. Ta ukun ita aka fi mantawa, ita kuma aka fi nema daga baya. A Fabrairun 2024 majalisar jinya ta fitar da ƙa'idojin tantance takardu ga masu son fita waje, a ciki har da shekara biyu na aiki bayan kammala karatu da takardar kyakkyawar shaida daga shugaban wurin aiki. Abin ya jawo zanga-zangar nas-nas a Abuja da Legas. A lokacin mutane da yawa suka tuna da asibitocin da suka bari ba sallama.

Ki karɓe ta tun waɗanda suka san aikinki suna kan kujerunsu, domin ana sauya shugabanni, ana yin ritaya, fayil ma yana ɓata. Ki roƙi sistar wod ɗinku ta yarda ki riƙa ba da sunanta a matsayin mai ba da shaida a kanki, ki karɓi lambarta ta gida ba ta ofis kaɗai ba. Takardun uku ki ɗauke su hoto, ki tura wa kanki a imel ɗin da kika aika murabus da shi, asalinsu kuma ki sa a leda ɗaya da lasisinki da takardar ɗaukarki aiki.